Shagona ya yi mini kaɗan, in buɗe reshe na biyu?

Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina da shagon kayan lantarki na gida, irin su ƙwan fitila, waya, soket da makunnai. Alhamdulillahi ciniki yana tafiya, har wasu ranakun sai mutane su tsaya a waje suna jira. Idan aka ɗauki cinikina na wata a matsayin 100, ribar kaya 20 ce. Haya, albashin yara biyu, wuta da sufuri suna cin 12, gida yana cin 5. Ajiyar da na tara ta kai 150 a wannan ma'aunin, kuma kayana sukan yi kamar wata biyu kafin su juya. Yanzu an yi mini tayin wani shago a unguwar da ke kusa da mu, tafiyar minti 15 a ƙafa. Mai shagon yana son hayar shekara gaba ɗaya, wato 60, kuma ya ba ni mako biyu in yanke shawara. Dilan da nake sari a wurinsa ya ce zai ba ni kaya bashi na kwana 30. Ina so ƙanena ya riƙe sabon wurin tunda ba shi da aiki. Matata ba ta goyon baya, ta ce ko kwana ɗaya ban taɓa barin shagon ba sai an kira ni a waya. Ina tsoron damar ta wuce ni. Me za ku ba ni shawara?

Wani ɗan kasuwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara albarka a kasuwa. Na ji daɗin yadda ka turo lissafinka a fili, domin yawancin masu yi mini irin wannan tambayar cunkoson ƙofar shago kawai suke kawowa a matsayin hujja. Tunda ka san lambobinka, da su za mu yi magana, kuma ba zan ɓoye maka ba tun farko: a yadda abubuwa suke yau, ba na ba ka shawarar karɓar wannan shagon da waɗannan sharuɗɗan. Amma kada ka ɗauka na rufe maka ƙofar reshe na biyu. Kana kusa, sai dai akwai abubuwa biyu da ba su nuna ba tukuna, ɗaya a aljihu, ɗaya a cikin shagon kansa.

Mu fara da aljihu. Bayan an cire kuɗin tafiyar da shago da abin da gida yake ci, abin da yake saura maka a wata 3 ne. Wannan 3 ɗin ita ce ribarka ta gaskiya, domin 5 ɗin da gida yake ci ladan tsayuwarka ne daga safe zuwa dare, kuma da ba kai ne a wurin ba, da wani za ka biya shi. A shekara ke nan shagonka yana iya ajiye 36 idan babu wata tangarɗa. Ka riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Sabon shago kuwa, ranar da za ka buɗe ƙofarsa kuɗi iri uku ne za su riga sun fita. Akwai hayar shekara 60. Akwai gyara, kanta, katakon jera kaya, allon suna da jan wuta, mu ƙaddara 30, ko da yake gyaran shago ya saba wuce abin da aka yi masa kasafi. Sai kuma kaya, wanda shi ne mutane suka fi raina wa. Shagon da aka buɗe da rabin kaya yana koya wa mutanen unguwa cewa ba a samun abu a wurinsa, kuma wanda ya zo sau biyu aka ce masa babu, da wuya ya sake zuwa na uku. Idan kana son reshen ya riƙa cinikin 70 a wata, kuɗin sarin wannan kayan 56 ne, kuma tunda kayanka wata biyu suke yi kafin su juya, sai ka zuba na wajen 110. Ka haɗa su, 200 ke nan, kai kuma 150 gare ka. Tun ba a sayar da ƙwan fitila ko ɗaya ba akwai giɓin 50, kuma ajiyarka ta shekara shida ta ƙare ƙaf.

Ba haka kawai na ambaci 70 ba. Kuɗin tafiyar da reshen zai ɗan fi na tsohon shago, saboda a can dole a biya wanda zai tsaya a madadinka. Mu ce haya 5 a wata, albashi 6, wuta da sufuri da sauran ƙananan abubuwa 3, jimilla 14. Tunda a duk cinikin 100 ribar kaya 20 ce, wato kashi ɗaya cikin biyar, sai reshen ya yi cinikin da ya ninka 14 sau biyar kafin ya iya ciyar da kansa. Wannan shi ne 70. Duk watan da ciniki ya gaza haka, wani ne yake biyan bambancin, kuma wannan wanin shi ne tsohon shagonka.

Sabon wuri ba ya farawa da ƙarfinsa. Kai kanka ka san tsawon lokacin da ka ɗauka kafin masu aikin wayarin su san ka, su amince da ingancin wayarka, su fara turo maka mutane. Mu yi wa reshen kyakkyawan zato, mu ce wata ukun farko yana cinikin 30 a wata, wata uku na biyu 45, na uku 55, na ƙarshe 65. Wannan ƙiyasi ne kawai, kai ka fi ni sanin unguwar, kana iya sauya shi. Da wannan tafiyar, ribar kayan da reshen zai tara a shekara 117 ce. Albashi da wuta da sufuri za su ci 108. Saura 9. A watan goma sha biyu mai shago zai zo neman sabuwar haya ta 60, kai kuma abin da reshen ya tara maka 9 ne. Ragowar 51 daga ina? Tsohon shago 36 kawai yake iya bayarwa a shekara, shi ma idan ba a riga an cinye ta wajen cike giɓin farko ba. A nan ne da yawa suke faɗuwa, a hayar shekara ta biyu, lokacin da kowa yake ganin reshen ya fara kankama, ana ma taya su murna.

Na san za ka ce ai ga dila zai ba da kaya bashi. Ba na zarginsa da mugun nufi, mai yiwuwa yana ganin mutuncinka ne da gaske, amma ka tuna cewa shi reshenka na biyu ƙarin kasuwa ne a wurinsa ko ka ci riba ko ba ka ci ba. Ka kuma duba kwanakin. Bashinsa na kwana 30 ne, kayanka kuma kwana 60 suke yi a shagon da ya riga ya kafu. A sabon wuri za su fi haka daɗewa. Ranar biya za ta zo kayan suna nan a jere ba su koma kuɗi ba, sai ka buɗe aljihun tebur na tsohon shago ka biya. Daga nan sai tsohon shagon ya fara kasa sarin abin da ya fi tafiya, masu saye su fara jin "ya ƙare, sai jibi", ciniki ya ragu a wurin da yake ɗauke da nauyin kowa. Alamar farko ta wannan ciwon ita ce ka ga kana rage yawan sari ba don kasuwa ta ja baya ba, sai don babu tsabar kuɗi a hannu, alhali littafi yana nuna ana cin riba.

Sai maganar nisan wurin, wadda ta fi damuna a cikin wasiƙarka duka. Tafiyar minti 15 a ƙafa ba nisa ba ce ga mai neman kayan lantarki, musamman ma'aikacin da yake yawo da babur. Akwai yiwuwar wasu daga cikin masu tsayawa a ƙofarka yanzu daga can suke zuwa. Idan ka buɗe musu shago a ƙofar gida, ba sabbin masu saye ka samu ba, ka raba tsofaffin ne gida biyu kana biyan haya biyu. A ce cinikin 15 kawai ya tashi daga tsohon shago ya koma sabo. Ribar kayan wannan cinikin 3 ce, wato daidai da dukan ribarka ta gaskiya a wata. Tsohon shago ya koma ba riba ba asara, sabon kuma bai tsaya da ƙafarsa ba. Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wannan. A watan Yuli na 2008 kamfanin Starbucks mai shagunan sayar da kofi ya sanar da rufe shaguna kusan 600 a Amurka, yawancinsu ba su cika shekara uku da buɗewa ba, bayan ya yi ta dasa rassa kusa da juna. Su suna da ƙarfin da za su rufe su ci gaba da harkarsu. Mai shago ɗaya ba shi da wannan sararin.

Wannan abu ne da za ka iya aunawa ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka ajiye littafi a kan kanta na wata guda, duk wanda ya yi sayayya mai ɗan kauri a tambaye shi cikin raha daga wace unguwa yake, a rubuta tare da adadin cinikin. A shafi na daban kuma a rubuta duk wanda ya juya bai saya ba, da dalilinsa: layi ya yi masa tsawo, ko abin da yake nema babu, ko tsada. Idan wata ya ƙare za ka san abu biyu. Za ka san kaso nawa na cinikinka ne yake zuwa daga waccan unguwar, kuma za ka san ko cunkoson ƙofarka yawan buƙata ne ko kuwa jinkirin sallama. Sau da yawa layi yana taruwa ne don mutum ɗaya ne ya san farashi, shi yake karɓar kuɗi, shi yake yin ragi, shi yake gwada ƙwai, sauran yara suna tsaye suna jiran umarninsa. Idan haka ne, maganinsa tebur na biyu da farashi a rubuce, ba hayar 60 ba.

Wannan ya kawo mu kan maganar maiɗakinka. Ina ganin ta faɗi abin da ya fi kowace lamba nauyi, kuma kada ka ɗauke shi a matsayin rashin yarda da kai. Ita take ganin wayarka tana ƙara duk lokacin da ka zauna cin abinci. Babbar alamar cewa shago ya isa haihuwar reshe ita ce ya iya tafiya daidai mai shi ba ya nan, domin daga ranar da ka buɗe na biyu, kullum akwai shago ɗaya da ba ka ciki. Idan abin da yake sa naka ya yi albarka yana cikin kanka ne, wato wane ma'aikaci ake ba bashi da wanda ba a ba, wace waya ce ta jabu, yaushe ake sake sari, ragin nawa ake yi wa mai sayen katan, to babu abin da za ka kwafa ka kai wani wuri. Kai ne kasuwar, kuma ba ka rabuwa biyu.

Ka gwada kanka. Ka fara da kwana uku ba ka leƙa shagon ba, ka ce kada a kira ka sai abin gaggawa, amma a rubuta duk tambayar da aka so yi maka. Idan ka dawo, kowace tambaya a takardar nan tana nuna maka wani abu da ya kamata ya zama rubutacciyar ƙa'ida: jerin farashi da iyakar ragin da yaro zai iya yi shi kaɗai, sunayen waɗanda ake ba bashi da iyakar kowa, adadin da idan kaya ya sauka zuwa gare shi za a sake oda, da yadda ake rufe lissafi kowace yamma a haɗa kuɗin aljihun tebur da abin da littafi ya ce. Bayan ka gyara waɗannan, sai ka yi gwajin mako biyu cur. Ka ƙirga kaya kafin ka tafi, ka ƙirga bayan ka dawo. Idan ciniki bai faɗi ba, kaya da kuɗi sun yi daidai da littafi, kuma babu wani babban mai saye da ya yi fushi ya koma wani wuri, to shagonka ya ci jarrabawar da ta fi kowace muhimmanci. Idan kuwa ka tarar da giɓi, ka gode wa Allah da ka gan shi a shago ɗaya. Irin kayanka ƙanana ne masu shiga aljihu, kuma a kasuwar da ribarta ta gaskiya 3 ce cikin 100, ɓatan kayan 2 cikin 100 ya isa ya kusa share ta ba tare da an ji ƙara ba.

Game da ƙanenka, niyyarka mai kyau ce, Allah Ya saka maka. Amma rashin aikinsa dalili ne na taimaka masa, ba shaida ba ce ta cewa zai iya riƙe shago. Kuma ba adalci ba ne a gare shi a ɗora masa wurin da lissafi ya nuna zai yi shekara yana asara ko da gwani ne a ciki, domin idan abin ya ƙi, shi za a kalla, zumunci kuma ya sha wahala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kawo shi tsohon shago yanzu, da albashi sananne da aiki sananne, ya yi wata shida yana koyon kaya, farashi da rufe lissafi. A cikin wannan lokacin kai da shi za ku gane ko yana son sana'ar ko kuwa kunyar ƙin tayinka yake ji. Idan lokacin reshe ya yi, ku rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce: albashinsa, kason da zai samu idan ciniki ya wuce wani adadi, wanda yake da ikon ba da bashi, da ranar ƙirgar kaya. Rubutu tsakanin 'yan'uwa yana ɗan yin nauyi a ranar farko, amma shi yake hana a zo ana "ai ka ce" da "ban ce ba".

Akwai kuma wanda ba ka ambata sosai ba, wato babban yaron shagonka. Idan ya daɗe tare da kai, ya san kaya, ya riƙe amana, sai ya ga an ɗauko wanda bai san bambancin waya mai kauri da siririya ba an ɗora a kansa, kana iya rasa shi a daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Tsarin da ya fi aiki shi ne gogaggen yaro ya riƙe tsohon shagon da komai ya riga ya zauna, da ƙarin albashi, kai kuma ka tare a sabon wuri kana gina shi da hannunka, ƙanenka yana gefenka.

To me za ka yi da wannan ajiyar da wannan kuzarin kafin nan? Littafin wata guda zai nuna maka hanya. Idan ya nuna kana rasa ciniki saboda "babu", ka zuba wani kaso na 150 ɗin a kayan da suka fi tafiya, in wuri ya yi kaɗan ka kama ɗan ƙaramin sito a kusa, wanda hayarsa ba ta kai ta shagon bakin titi ba. Idan ya nuna mutanen waccan unguwar suna da yawa, ka fara kai musu kaya har wurin aiki idan sun yi oda ta waya, ka ga ko cinikinsu zai ƙaru. Ƙarin ciniki a shagon da ka riga ka biya hayarsa ya fi daɗi nesa ba kusa ba: idan ka tashi daga 100 zuwa 120, ribar kaya ta ƙaru da 4, ko ka ƙara yaro ɗaya kusan rabinta zai tsaya maka, kuma ba ka taɓa tushen jarinka ba. Idan kuma zuciyarka ta nace sai ka gwada wata unguwa, ka nemi ƙaramin wuri na hayar wata uku ko shida a inda masu sayenka na yanzu ba sa fitowa, ka sa kaya iri talatin ko arba'in da suka fi juyawa, da littafinsa daban da kuɗinsa daban. Tun kafin ka buɗe ka rubuta iyakar asarar da za ka jure da watan da za ka rufe idan ciniki bai kai wani adadi ba, ka ba maiɗakinka takardar ta ajiye. Mutum idan ya riga ya zuba kuɗi a wuri, kullum gani yake wata mai zuwa abin zai gyaru.

Lokacin da zan ce maka bismillah shi ne idan ka ga shagon ya yi shekara guda cur yana ba da riba bayan an cire albashinka, har da watannin da kasuwa take sanyi, ya ci gwajin mako biyu, akwai mutumin da ka horar ka kuma gwada, sannan kuɗin hannunka ya isa buɗe reshen da ɗaukar asararsa har zuwa haya ta biyu ba tare da an taɓa jarin tsohon shago ba. A lissafin da muka yi, wannan ya kai wajen 250, ban da kuɗin cefanen gida na aƙalla wata uku da za a ware gefe, wanda kasuwa ba ta da hurumin taɓawa. Ka zauna da maiɗakinka ka nuna mata waɗannan lambobin yadda suke. Ina kyautata zaton idan ta ga akwai iyaka da tsari, za ka same ta a bayanka.

Shi kuma mai shagon, ka je ka same shi cikin makon nan, kada ka bar shi yana jira. Ka gode masa, ka gaya masa gaskiya cewa hayar shekara gaba ɗaya ba za ta yiwu maka yanzu ba, ka tambaye shi ko zai karɓi ta wata uku-uku tare da ba ka wata ɗaya na gyara kyauta. Idan ya amince, nauyin ranar farko ya sauka daga 200 zuwa kusan 155, amma duk da haka kada ka sa hannu sai littafin unguwanni ya nuna maka cewa mutanen can ba su ne masu sayenka na yanzu ba, don haka ka roƙi ya ƙara maka wa'adi zuwa wata guda. Idan ya ƙi, ka bar shi ya ba wani, ku rabu da mutunci, ka ce ya tuna da kai idan wani shagon nasa ya fito baɗi. Ka rubuto mini bayan gwajin kwana ukun, ina son jin tambayoyin da yaran suka tara maka. Allah Ya yi jagora.